Allon Bayanai na Kai-tsaye da Rahoton Imel Mai Ƙayyadadden Lokaci a Ƙananan Sana'o'in Yankin Bakolori

Allon bayanai na kai-tsaye, wanda masu harkar kwamfuta ke kira dashbod, shafi ne guda da ake buɗewa a waya ko a kwamfuta, yana nuna alƙaluman sana'a cikin lambobi da zane, yana kuma sabunta kansa daga ma'ajiyar bayanan da aka jona shi da ita. Rahoton imel mai ƙayyadadden lokaci kuwa taƙaitaccen lissafi ne da na'ura ke haɗawa ta aika wa waɗansu mutane a sa'ar da aka tsayar, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Rijiya guda su biyun ke jan ruwa. Abin da ya raba su shi ne hanyar da lissafin ke bi ya kai ga mai shi: allo sai an je an buɗe shi, rahoto kuwa shi ke zuwa ya tarar da mutum.

Zaɓi tsakaninsu ya rataya ne a kan tazarar lokaci iri biyu, wato tazarar da ke tsakanin aukuwar ciniki da shigarsa cikin na'ura, da tazarar da ke tsakanin shawara guda da mai sana'a zai yanke da wadda ke bi mata. Yankin noman rani na Bakolori, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun a yammacin Jihar Zamfara, wuri ne da waɗannan tazarori biyu ke fitowa fili, domin a can ana samun sana'ar da lissafinta ke juyawa cikin mintuna kafaɗa da kafaɗa da wadda lissafinta ke jiran kaka.

Asali

Kalmar dashbod ta fito ne daga zamanin keken doki a Turai, inda take nufin katakon da ake girkewa a gaban matuƙi don tare taɓon da kofaton doki ke watsowa. Da mota ta zo, sunan ya koma kan allon da ke gaban direba, mai ɗauke da ma'aunin gudu da na mai da na zafin inji. Daga nan masu gudanar da kamfanoni suka ari sunan. Aron yana da dalili: direba yana duban allonsa ne alhali hannunsa na kan sitiyari, kuma duk abin da ya gani yana da ikon gyara shi nan take.

A fagen kasuwanci, manyan kamfanoni sun fara girka wa shugabanninsu irin wannan allo a shekarun 1980. A 1992 Robert Kaplan da David Norton suka wallafa maƙalarsu a mujallar Harvard Business Review a kan auna lafiyar kamfani da 'yan ma'aunai kaɗan da aka zaɓa, a 2006 kuma Stephen Few ya fitar da littafinsa Information Dashboard Design, wanda ya dage cewa allo na gari bai wuce fuskar kwamfuta guda ba. Ƙananan sana'o'i ba su sami shiga ba sai da kayan aikin suka yi araha. Google Sheets ya fito a 2006, Power BI na kamfanin Microsoft ya shiga kasuwa a 2015, Google Data Studio kuma a 2016, wanda aka sauya masa suna zuwa Looker Studio a 2022.

Rahoton lokaci-lokaci ya girmi allo nesa ba kusa ba. Asalinsa lissafin da yaron shago ke kai wa maigida bayan an rufe kasuwa, da takardar da wakili ke aikowa da direban mota daga ƙauye. Abin da na'ura ta ƙara shi ne agogo. Tun shekarun 1970 manhajar Unix take da wani tsari mai suna cron, wanda ke gudanar da aiki a sa'ar da aka ɗibar masa ba tare da wani ya taɓa komai ba, kuma a 1971 Ray Tomlinson ya aika saƙon imel na farko tsakanin kwamfutoci biyu. Tsarin takarda na PDF, wanda akasarin rahotannin yau ke zuwa a cikinsa, ya fito a 1993. A Najeriya dukansu biyu sun jira wayar salula, wadda aka fara amfani da tsarinta na GSM a watan Agusta na 2001.

Siffa

Kowane ɗayan tsarin biyu yana tsaye a kan hawa uku. Na farko shi ne wurin shigar da bayani: fom a waya, ko na'urar POS, ko manhajar rasit a kan teburin shago. Na biyu shi ne ma'ajiya, wadda a ƙaramar sana'a yawanci jadawali ne irin na Google Sheets ko Excel. Na uku shi ne fuskar da mai sana'a ke gani, kuma a wannan hawa na uku kaɗai allo da rahoto suka rabu.

Kalmar kai-tsaye da ake liƙa wa allo tana buƙatar gyara. Allon da aka gina a Looker Studio a kan jadawalin Google Sheets yana riƙe kwafin bayanan ne na ɗan lokaci, ya sake ɗebo sabo gwargwadon abin da aka zaɓa a wurin da aka rubuta Data freshness, inda mafi gajartar tazara ga irin wannan jadawali ita ce minti 15. A Power BI, mai lasisin Pro yana iya tsara sabuntawa sau 8 a rana ga bayanan da aka kwaso cikin manhajar, wato kusan sau ɗaya a kowace awa uku idan aka raba daidai. Wannan jinkirin na'ura ne, kuma shi ne ƙarami. Babban jinkiri yana hawa na farko. Idan wakili ya sayi kaya ranar Lahadi bai shigar ba sai Talata, shekarun wannan lamba a kan allo awa 48 ne da minti 15, ko da allon yana walƙiya kamar yanzu aka wanke shi. Ba allon da zai fi sabunta a kan mafi jinkirin hannun da ke ciyar da shi.

Allo yana da abin da rahoto ba zai taɓa yi ba: ana iya yi masa tambaya. Mai shi yana iya tace ranar da yake so, ya ware reshe guda, ya gangara daga jimillar wata zuwa rasit guda. Ana kuma iya janye izinin gani daga hannun wanda ya bar aiki. Farashinsa shi ne sabis mai ƙarfi a duk lokacin da za a duba, da data mai ɗan yawa domin shafin yana ɗauko manhaja da zane a kowane buɗewa, da kuma ɗabi'ar tunawa a buɗe. Wannan na ƙarshe shi ya fi kashe alluna. Makon farko ana dubawa sau goma a wuni, bayan wata biyu kuma sai a tarar ba wanda ya leƙa tun sallah.

Rahoton imel hoto ne da aka ɗauka a sa'a guda, ya daskare. Ba a tace shi, ba a yi masa tambaya, kuma da zarar ya fita ba a iya dawo da shi. Amma yana da nauyin da bai kai ya kawo ba, musamman idan rubutu ne zalla a jikin saƙon; yana shiga waya a duk lokacin da sabis ya ɗan leƙo, ya zauna a ciki a karanta shi ko da sabis ya sake ɗaukewa. Daskarewarsa kuma ita ce darajarsa ta biyu. Idan wani ya koma jadawali ya sauya lambar makon jiya, allo zai nuna sabuwar lambar kamar dama can haka take, rahoton da aka aika makon jiya kuwa yana nan da tsohuwar lambar da kwanan watansa.

Kafa rahoton ba ya buƙatar sabon kayan aiki. A Looker Studio, umarnin Schedule delivery yana aika allon da kansa a matsayin PDF a ranaku da sa'ar da aka zaɓa, don haka wanda ya gina allo ya riga ya mallaki rahoto. Wanda ke da jadawali kaɗai yana iya rubuta ɗan gajeren umarni a Apps Script:

```
function kafaLokaci() {
  ScriptApp.newTrigger('aikaRahoto')
    .timeBased().everyDays(1).atHour(21)
    .inTimezone('Africa/Lagos').create();
}
```

Wannan yana sa aikin da aka sanya wa suna aikaRahoto ya gudana kullum a wani lokaci tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare agogon Najeriya, domin tsarin ba ya alkawarin minti, awa yake alkawari. Asusun Gmail na kyauta yana da iyakar masu karɓa 100 a rana ta wannan hanya, abin da ya fi ƙarfin buƙatar kowane shago.

Yaɗuwa a yankin

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, da tafki mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, aka kuma tsara ta don shayar da hekta kusan 23,000 a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Aikin gyaran magudanai na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da kuɗinsa a 2014, ya haɗa da wannan fili. Daga wannan ruwa ne akasarin ƙananan sana'o'in yankin suka tsiro: masu sayen shanshera, masu injin gyaran shinkafa, dillalan taki da iri da maganin feshi, masu famfon ban-ruwa da kayan gyaransa, da masu POS da ke juya kuɗin duka waɗannan. Talata Mafara, wadda ke kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ita ce mahaɗa, kuma kasuwarta ta ranar Talata ita ce agogon makon kasuwanci a yankin.

Allon da ya fi yaɗuwa a nan ba wanda ya zauna ya gina shi. Yana cikin manhajojin kamfanonin biyan kuɗi irin su Moniepoint da OPay da PalmPay, waɗanda amfani da su ya ƙaru sosai bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Mai POS da ya buɗe wayarsa ya ga cinikin yau da ragowar da ke asusunsa yana duban dashbod ne, ko da bai taɓa jin sunan ba. Rahoton lokaci-lokaci da ya fi yaɗuwa shi ma ba ta imel yake tafiya ba: hoton shafin littafin lissafi ne da yaron shago ke ɗauka bayan isha'i ya tura ta WhatsApp, wani lokaci da saƙon murya a bayansa. Imel a hannun ɗan kasuwar yankin galibi adireshi ne da aka buɗe masa ranar da ya sayi waya, ba akwatin da yake leƙawa ba. Saboda haka rahoton imel kan yi tafiya zango biyu, ya fara sauka a wayar akawu ko ɗan maigida mai karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, shi kuma ya tura takardar ta WhatsApp. Duk tsarin da bai lissafa wannan zango na biyu ba, a takarda kawai yake aiki.

Yanayin sadarwa yana da nasa hukuncin. Sabis a cikin garin Mafara da bakin babbar hanya daban yake da na ƙauyukan da ke cikin fadama, wutar lantarki kuma, wadda kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke kawowa jihar, ba ta kai a dogara da ita wajen ajiye kwamfuta a kunne ba. Caji na hannun sola da janareta. A ranar 3 ga Satumba 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara bisa umarnin Hukumar Sadarwa ta Najeriya saboda matsalar tsaro, a daidai lokacin da gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako. An maido da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A waɗannan makonni allo bai buɗu ba, rahoto bai iso ba. Bambanci ɗaya ya rage: takardun da suka riga suka sauka cikin waya kafin rufewar sun ci gaba da karantuwa, abin da ke kan allo kuwa ya zama kamar kayan da aka kulle a ɗakin da makullinsa ke wani gari.

Misali: mai injin shinkafa da wakilai biyu

Lambobin da ke tafe na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi. A ɗauka wani mai injin gyaran shinkafa a Talata Mafara yana da wakilin saye guda a Bakura da wani a Maradun. Kowane wakili yana cike fom a waya, bayanin ya faɗa cikin jadawali mai layi huɗu: lokacin shigarwa a layin A, wuri a B, yawan buhu a C, farashin buhu a D. An gina allo a kan jadawalin. Mai injin ya yi alkawarin kaya ga wani ɗan kasuwa, kuma yana buƙatar buhu 200 na shanshera kafin Laraba.

Da yammacin Litinin ya buɗe allo ya ga buhu 140: Bakura 90, Maradun 50. Lissafi ya nuna masa giɓin buhu 60. Da safiyar Talata ya shiga kasuwa ya cike giɓin a kan naira 43,000 kowane buhu, alhali wakilansa suna saye a bakin gona a kan 40,000. Da la'asar wakilin Maradun ya fito inda sabis yake, ya shigar da sayen Lahadi da Litinin: buhu 72. Ashe tun daren Litinin kayan da ke hannu 212 ne, sun ma haura abin da ake nema. Kuskuren ya ci naira 180,000 na bambancin farashi, ya kuma ɗaure naira 2,580,000 na jari a cikin buhu 60 da ba a buƙata a wannan mako.

Allon bai faɗi ƙarya ba. Abin da aka ba shi ya nuna. Laifinsa shi ne ya jera lambar Bakura ta jiya da lambar Maradun ta shekaranjiya a layi guda, da launi guda, ƙarƙashin agogon da ke nuna cewa an sabunta minti goma da suka wuce. Wannan agogo na lokacin da allo ya leƙa jadawali ne, ba na lokacin da wakili ya leƙa fom ba, kuma rikita su biyun shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan fage. Maganinsa layi ɗaya ne, wanda ke fito da lokacin shigarwa ta ƙarshe daga kowane wuri:

```
=MAXIFS(A:A, B:B, "Maradun")
```

Da an ajiye wannan a gefen jimillar kowane reshe, da mai injin ya ga cewa rabon Maradun da magana tun Asabar, ya ɗaga waya ko ya aika ɗan acaɓa kafin ya taɓa kuɗinsa.

Idan aka auna wannan sana'a da tazarori biyun da aka ambata, amsar tana fitowa da kanta. Bayani yana shiga sau ɗaya a wuni a mafi kyawun hali. Shawara, wato nawa za a tura wa kowane wakili da ko za a shiga kasuwa, ana yanke ta sau ɗaya a wuni, babbar cikinsu kuma sau ɗaya a mako, daren Litinin. Sabuntawar minti 15 ba ta da abin da za ta sabunta. Abin da ya dace shi ne rahoto guda da ƙarfe 9 na dare, bayan an ba wakilai wa'adin shigarwa zuwa ƙarfe 8, wanda layinsa na farko zai faɗi wanda ya shigar da wanda bai shigar ba, kafin a zo kan buhu da kuɗi. Wa'adin nan ya fi rahoton kansa amfani, domin yana sa kowa ya san sa'ar da ake rufe littafi. Allo ba shi da sa'ar rufewa, don haka ba ya tilasta wa kowa komai.

Lissafin fitar shinkafa ma yana goyon bayan wannan zaɓi. Shanshera mai kyau takan ba da wajen kilo 60 zuwa 65 na tsabar shinkafa daga kowane kilo 100, sauran ɓuntu ne da dusa. Wannan ma'auni ba ya da ma'ana a tsakiyar aiki, lokacin da an zuba kaya a inji ba a gama auna abin da ya fito ba. Allon da ke nuna shi da ƙarfe 11 na safe zai iya cewa 30, ya tayar da hankali a banza. A ƙarshen wuni, ko a ƙarshen mako, faɗuwarsa daga 63 zuwa 57 labari ne na gaske: ko kayan da ɗanshi aka saye su, ko an cika su da ƙasa da tsakuwa, ko injin yana karya tsaba.

Akasin wannan yana nan a kasuwar guda. Mai POS da ke da na'urori uku a kusurwoyi uku na kasuwar Talata yana riƙe da kuɗi iri biyu, tsaba a jaka da ragowa a asusu. Duk wanda ya cire kuɗi yana rage tsabar ya ƙara asusun, duk wanda ya kawo tsaba a tura masa yana yin akasi. A rumfar da ke kusa da masu sayen hatsi tsaba na iya ƙarewa kafin azahar, alhali ta taru a rumfar 'yan tireda. A nan bayani yana shiga da kansa cikin daƙiƙoƙi ba tare da hannun kowa ba, shawarar kwashe kuɗi daga wannan rumfa zuwa waccan kuma ta rabin awa ce. Rahoton dare zai zo ne ya ba da labarin cinikin da aka riga aka rasa. Wannan sana'a ta allo ce, aƙalla ranar Talata.

Kurakurai da alamominsu

Kowane tsari da irin mutuwarsa. Allo yana mutuwa ido buɗe: yana nan da launinsa da zanensa, sai dai lambobin sun tsaya. Alamarsa ita ce jimillar da ba ta motsa ba a ranar da aka san an yi ciniki. Rahoto kuwa yana mutuwa shiru, kuma ba kasafai ake lura da saƙon da bai zo ba. Akwatin Gmail na kyauta yana da gigabait 15 da yake rabawa da hotuna da sauran ajiya, idan ya cika kuma sabon saƙo ba ya shiga. Saƙon na iya karkata zuwa Spam. Idan kuma yaron da ya kafa tsarin da asusunsa ya yi amfani, ranar da ya bar aiki ya tafi da agogon gaba ɗaya. Shi ya sa ake buɗe asusu da sunan sana'ar, kalmar sirrinsa a hannun maigida. Akwai kuma ƙaramin kuskure mai ban haushi: wanda ya gudanar da umarnin kafa lokaci sau biyu ya kafa agogo biyu, rahoto ya riƙa zuwa bibbiyu.

Waɗansu kurakuran na su biyun ne, domin a ma'ajiya suke. Idan aka bar wakilai suna rubuta sunan wuri da hannu, Talata Mafara da T/Mafara da Mafara za su zama garuruwa uku a idon na'ura, jimilla ta rabu uku. Fom mai jerin zaɓi yana kawar da wannan. Jadawalin da aka bari a kan tsarin kwanan wata na Amurka yana karanta 3/4 a matsayin 4 ga Maris, alhali wakili 3 ga Afrilu yake nufi. Buhu kuma ba ma'auni ba ne tsayayye, domin cikar buhun wannan kasuwa ta sha bamban da ta waccan, don haka inda akwai sikeli kilo ya fi aminci. Ga wakilin da ke aiki inda ba sabis, fom na Google ba ya aikuwa sai da intanet, manhajoji irin su KoboCollect da ODK Collect kuwa suna ajiye bayanin a waya su tura shi idan sabis ya samu. Wannan yana hana ɓacewar bayani, amma ba ya rage jinkirinsa.

Muhimmanci

A yankin da ke fama da garkuwa da mutane, takardar da ke nuna yawan tsabar kuɗin da ke hannun wane a ƙauye kaza ba lissafi kaɗai ba ce. Allon da aka raba da zaɓin Anyone with the link a buɗe yake ga duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa, amma ana iya rufe shi cikin minti guda. PDF da ya shiga WhatsApp ya fita daga ikon mai shi har abada, kuma yana zaune a cikin wayar da za a iya sacewa ko a bari wurin mai caji. Saboda haka masu lura kan cire layin tsabar kuɗi da sunayen wakilai daga rahoton da ke yawo, su bar shi a allon da mutum ɗaya ko biyu ke iya buɗewa. Sunayen manoman da ake bi bashi da lambobin wayarsu kuma bayanan mutane ne, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su.

Ta ɗaya gefen, sana'ar yankin cike take da alkawarin da ke jiran watanni: takin da aka bayar bashi a farkon rani za a biya da shanshera bayan girbi, jarin da 'yan'uwa suka haɗa za a raba ribarsa a ƙarshen shekara, ga zakka da ake fitarwa idan shekara ta zagayo, ga banki da ke neman tarihin ciniki kafin ya ba da rance. Duk waɗannan suna neman shaidar yadda lissafi yake a rana kaza, kuma jerin rahotanni 52 na mako-mako, kowanne da kwanan watansa a akwatin mutum biyu ko uku, ya fi allon da ke nuna yau kaɗai ƙarfin hujja idan gardama ta tashi.

Ta fuskar kuɗi, Google Sheets da Looker Studio na gama-gari ba a biyan su, lasisin Power BI Pro kuwa ya koma dala 14 a wata ga kowane mutum daga Afrilu 2025, kuma ana biyansa ne da kuɗin waje. Ga mai injin shinkafa, da dillalin taki, da mai shagon kayan famfo a Mafara ko Bakura ko Maradun, inda hannun mutum ke shigar da bayani kuma ake yanke shawara sau ɗaya a wuni, rahoton dare mai shafi guda, da na mako da ke zuwa daren Litinin kafin kasuwa, su ne suka dace. Allon kai-tsaye na sana'ar da na'ura ke rubuta cinikinta da kanta ne, kuma a yankin wannan siffa ta fi tabbata a kan masu POS.